Yadda ake rubuta wa ma'aikata wasiƙar ta'aziyya da Hausa da Turanci

Wasiƙar da ake magana a nan ita ce wadda kamfani ke fitarwa ga ma'aikatansa idan ɗaya daga cikinsu ya rasu. Daban take da wadda ake kai wa iyalan mamaci, kuma ba ita ce takardar haƙƙoƙinsa ba. A masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa a Kano, ko na Kakuri a Kaduna, za ka tarar da masu aikin inji da direbobi da masu gadi waɗanda Hausa ta fi shige musu, ga kuma injiniyoyi da akantoci daga kudu ko daga waje waɗanda sai da Turanci. Dole wasiƙar ta fita da harsuna biyu. Hanyar da ta fi fitar da mutum kunya ita ce a tattara bayanan a wuri ɗaya, sannan a rubuta wasiƙu biyu daga cikinsu, kowace da bakin masu harshenta. Suna da rana da lokaci da alƙawari su zama iri ɗaya sak, amma salon magana da addu'a kowa da nasa.

Za mu bi misali guda har ƙarshe: mai kula da sito a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, mu kira shi Malam Wane, Musulmi, ya rasu da dare bayan jinya.

Abin da za ka tanada

- Fayil ɗin mamacin daga sashen kula da ma'aikata, don cikakken suna, muƙami, sashe da ranar fara aiki.
- Lambar wayar mutum ɗaya daga iyali wanda maganarsa ke tsayawa: wansa, ƙaninsa ko babban ɗansa.
- Takarda mai tambarin kamfani, girman A4, da lambar wasiƙa ta gaba a rajistar ofis.
- Kwamfuta ko waya mai iya rubuta ƙ, ɗ, ɓ.
- Masu dubawa biyu, ɗaya na Hausa ɗaya na Turanci. Aƙalla ɗayansu ya kasance addininsu ɗaya da mamacin.
- Littafin ƙa'idojin aiki na kamfani, don ganin abin da aka tanada game da rasuwa.
- Wanda zai sa hannu, da wanda zai tsaya a madadinsa idan ba ya gari.

1. Tabbatar da rasuwar daga bakin iyali

Labarin rasuwa yakan riga ofis isa zauren WhatsApp na ma'aikata. Kada ka ɗauko daga can. Kira ɗan uwan mamacin, ka yi masa gaisuwa tukuna, sannan ka tambayi abu huɗu: yaushe ya cika, a ina za a yi sallah da kuma ƙarfe nawa, a wane gida za a karɓi gaisuwa, sannan ko an sanar da iyayensa da matansa. Tambaya ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa. Idan mahaifiyarsa tana ƙauye ba a kai mata labari ba, sanarwar kamfani za ta iya isa gare ta ta wayar wani maƙwabci, abin da iyali ba za su manta da shi ba. Idan sun ce a dakata, a dakata.

A kamfani mai mutum ɗari biyu ba a rasa masu suna ɗaya. Gwada sunan da aka ba ka da lambar ma'aikaci da sashe kafin ka rubuta komai. Sanar da rasuwar mai rai yana faruwa, kuma ta wannan ƙofar yake shigowa.

Idan ba a samu kowa daga iyali ba, tura abokin aikinsa na kusa ya je gidan da ƙafarsa ya dawo da bayani.

2. Fitar da gajeriyar sanarwa kafin wasiƙa

Musulmi ba ya kwana biyu a kan ƙasa. Wanda ya rasu da asuba ana iya kai shi kafin azahar. Idan ka tsaya jiran manajan darakta ya sa hannu, wasiƙarka za ta fito an riga an dawo daga maƙabarta. Don haka aikin kashi biyu ne. Na farko layi uku ko huɗu ne da za su fita cikin rabin awa ta waya, da harsunan biyu: wa ya rasu, ina za a yi jana'iza, ƙarfe nawa, da inda motar kamfani za ta tashi. Cikakkiyar wasiƙa ta biyo baya a ranar, ko washegari da safe, tun ana cikin kwana ukun zaman makoki.

Idan da saƙon tes za ka tura, ka sani saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ɗaya ta shiga sai ya koma 70, dogon saƙo ya rarrabu, wani sashe ya iso wani ya makara. Sa wuri da lokaci a farkon saƙon. Masu aikin dare da suka tafi gida barci kuwa, kiran waya daga shugaban rukuninsu ya fi kowane saƙo.

Ga ma'aikaci Kirista lissafin ya juya. Ana iya ajiye gawa makonni kafin iyali su tsayar da rana, sau da yawa a garinsu na asali. A nan wasiƙa ta fita cikin kwana ɗaya da cewa za a sanar da tsarin jana'iza idan iyali sun fitar, sannan takarda ta biyu ta biyo da ranakun.

3. Rubuta takardar bayanai

Kafin jimla ɗaya ta wasiƙa, jera bayanan a takarda dabam. Daga gare ta wasiƙun biyu za su sha, kuma da ita masu dubawa za su gwada. Ta Malam Wane za ta ƙunshi: cikakken suna da laƙabin girmamawa, mai kula da sito, ya fara aiki a 2011, ya rasu daren Litinin 13 ga Oktoba 2025 wayewar garin Talata, an yi jana'iza Talata 14 ga wata da ƙarfe 10 na safe, ana karɓar gaisuwa a gidansa da ke Ɗorayi, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, tawagar kamfani za ta je ranar Laraba da ƙarfe 4:30 na yamma.

Akwai wurare uku da bayanai ke karkacewa tsakanin harsunan.

Na farko dare. Idan ɗan uwa ya ce "daren Talata", yana iya nufin daren da ya biyo bayan yinin Talata, yana kuma iya nufin daren da za a wayi gari Talata, domin a lissafin Musulunci dare ke riga yini. Tambaye shi wace rana aka wayi gari, ka rubuta duka biyun a Hausa. A Turanci ka sa kwanan wata kawai.

Na biyu lokacin sallah. "Bayan la'asar" ya wadatar da Bahaushe, amma injiniyan da ya zo daga Fatakwal bai san ƙarfe nawa ba ne, kuma masallatai ma ba lokaci ɗaya suke tayarwa ba. Tambayi agogon masallacin unguwar, ka sa shi a wasiƙun biyu.

Na uku dangantaka. Turanci yana da kalma ɗaya ga wa da ƙani, ɗaya ga yaya da ƙanwa, ɗaya ga baffa da kawu. Idan bayanin ya fara zuwa da Turanci, kada ka yi kintace. Mayar da wan mamaci ƙaninsa a takarda mai tambarin kamfani abin magana ne a wurin zaman makoki. Haka yawan mata: idan biyu ne, a wasiƙar Turanci ma biyu za a rubuta. In ba ka tabbatar da adadin 'ya'ya ba, rubuta "ya bar mata da 'ya'ya" ka wuce.

Kwanan wata a rubuta sunan watan, kada a sa lambobi zalla irin 03/04, wanda wani zai karanta Maris wani Afrilu. Kwanan watan Musulunci ba dole ba ne. In za a sa, a bi wanda aka sanar daga fadar Sarkin Musulmi, domin kalandar bango da ta waya sukan saɓa da kwana guda.

4. Yanke abin da ba zai shiga ba

Wannan matakin ya fi rubutun kansa nauyi.

Ciwon da ya yi ajalinsa ba ya shiga. "Bayan gajeriyar jinya" ko "bayan doguwar jinya" ya isa, shi ma idan iyali sun yarda. Abin da sashen ma'aikata ya sani daga takardun asibiti amana ce, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman.

Idan a bakin aiki ya rasu, ko a motar kamfani, faɗi abin da ya tabbata kawai: an yi haɗari, a wuri kaza, ranar kaza, ana bincike. Kada wasiƙar ta ɗora laifi a kansa, kada kuma ta wanke kamfani. Irin wannan rasuwa tana ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, kuma duk abin da aka rubuta yau ana iya fito da shi gobe. Lauyan kamfani ya karanta kafin ta fita. Amma kada a ɓoye cewa a wurin aiki abin ya faru, don waɗanda suka ɗauke shi da hannunsu suna cikin masu karantawa.

Kuɗi ba ya shiga da adadi. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na jimillar albashin shekara ba, ga kuma abin da ke asusun fanshonsa da ragowar albashi. Duk wannan maganar takarda ce tsakanin kamfani da magada. Sa adadi a allon sanarwa yana jawo wa zawarawa masu zuwa rance da dangin nesa tun ba a share makoki ba. Jimla ɗaya ta isa: kamfani zai tuntuɓi iyali game da haƙƙoƙinsa.

A wannan jimlar ma a yi hattara. Wanda mamaci ya rubuta a fom a matsayin na kusa da shi mutum ne da za a tuntuɓa, ba lallai shi ne mai gado ba. Ga Musulmi rabo na shari'a ne, ya haɗa da iyaye da mata da 'ya'ya. Rubuta "magadansa", kada ka ambaci sunan mutum ɗaya.

Maganar wanda zai riƙe sito, da sauyin jadawalin aiki, a bar su ga wata takarda bayan kwana biyu ko uku.

5. Rubuta ta Hausa daga takardar bayanai

Rufe duk wata tsohuwar wasiƙar Turanci. Rubuta kamar kana tsaye gaban ma'aikata a bakin ƙofa kana faɗa musu. Tsarin shi ne: buɗewa, sanarwa, ko shi wane ne a wurinmu, abin da za a yi, addu'a. Ga ta Malam Wane:

> Zuwa ga dukkan ma'aikata
>
> Ta'aziyyar rasuwar Malam Wane, mai kula da sito
>
> Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.
>
> Cikin alhini muke sanar da ku rasuwar abokin aikinmu Malam Wane, wanda Allah ya yi wa rasuwa a daren Litinin 13 ga Oktoba 2025, wayewar garin Talata, bayan jinya. An yi jana'izarsa yau Talata da ƙarfe 10 na safe. Ya bar mata biyu da 'ya'ya tara.
>
> Marigayin ya fara aiki da mu a 2011. Shekara goma sha huɗu makullin sito yana hannunsa, ba a taɓa neman kaya an rasa lissafinsu ba. Yawancin matasan da ke sashen a yau shi ya koya musu aiki.
>
> Ana karɓar gaisuwa a gidansa da ke Ɗorayi. Tawagar kamfani za ta je gobe Laraba, mota za ta tashi daga babbar ƙofa da ƙarfe 4:30 na yamma. Wanda yake son zuwa ya sanar da shugaban sashensa, ba za a cire masa komai a albashi ba. Duk wanda yake bin marigayin bashi, ko marigayin yake binsa, ko akwai ajiya a tsakaninsu, ya ga shugaban sashen ma'aikata a keɓe don a haɗa shi da iyali. Kamfani zai tuntuɓi magadansa game da haƙƙoƙinsa.
>
> Muna yi wa iyalansa ta'aziyya, muna kuma yi wa junanmu, musamman 'yan sashen sito. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba iyalansa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Sakin layin da ke bayanin aikinsa shi ne wanda ma'aikata ke auna kamfani da shi. "Haziƙi ne mai ƙwazo da riƙon amana" an faɗa wa kowane mamaci, har ya daina ma'ana. Je wurin shugaban sashensa ka nemi abu ɗaya ko biyu na gaskiya da ya yi. Idan bai daɗe ba, ko ba a san shi sosai ba, faɗi tsawon zamansa da aikin da ya riƙe ka tsaya. Yabon ƙarya a gaban waɗanda suka zauna da shi ya fi rashin yabo muni.

Jimlar bashi kuwa abin da ake shelantawa ne a wurin jana'iza, domin bashi ake fara biya kafin rabon gado. A kamfani tana da amfani ƙwarai, saboda adashe da ƙungiyar taimakon kai da kai da rancen tsakanin abokan aiki, waɗanda iyali ba su da labarinsu.

Kada kamfani ya kira taron sadakar uku, bakwai ko arba'in da bakinsa. Wasu gidajen suna yi, wasu suna ganin bidi'a ce. Idan iyali sun nemi a sanar, rubuta "iyali sun sanar cewa".

Ga ma'aikaciya ko ma'aikaci Kirista, a cire buɗewar Larabci da roƙon Aljanna. Kiristocin da ke ibada da Hausa, irin mabiya ECWA da COCIN da EYN, suna da nasu kalmomin: "ta yi barci cikin Ubangiji", "Allah ya ta'azantar da iyalinta", "sujadar jana'iza". Idan marubucin Musulmi ne kuma bai saba da su ba, ya ba wani Kirista cikin ma'aikata ya tsara addu'ar, haka nan in an juya. Idan babu wanda za a tambaya, a tsaya a kan abin da kowa ya yarda da shi: "Allah ya ba iyalanta da mu duka haƙurin jure wannan rashi."

6. Rubuta ta Turanci daga takarda ɗaya

Ita ma daga bayanan za ta fito, ba daga wasiƙar Hausa ba. Takan fi gajarta, addu'arta ba ta kai ta Hausa tsawo ba, kuma tana bayyana abin da Bahaushe ba ya buƙatar a bayyana masa. Ga yadda tsakiyarta za ta kasance:

```
With deep sorrow we announce the death of our colleague Malam Wane,
Storekeeper, on the night of Monday 13 October 2025, after an illness.
He was buried today at 10:00 a.m. according to Islamic rites.
The family is receiving visitors at home in Dorayi. All staff are welcome.
The company bus leaves the main gate on Wednesday at 4:30 p.m.
May Allah forgive him and comfort his family.
```

Saura, wato shekarun aikinsa da iyalin da ya bari da maganar bashi da izinin fita da haƙƙoƙi, duk su shiga da tsari ɗaya da na Hausa. Layin da ke cewa an binne shi bisa tsarin Musulunci yana amsa tambayar baƙon da zai yi mamakin yadda aka yi jana'iza bai ji ba. Wanda ke cewa kowa zai iya zuwa yana cire wa waɗanda ba Musulmi ba shakkar ko ya dace su je. In akwai baƙi da yawa, ƙara musu layi guda: maza a waje suke zama, mata su shiga cikin gida, ba a kai furanni, kuma ba a daɗewa.

Idan manaja ya riga ya rubuta tasa da Turanci ya ce a mayar Hausa, ciro bayanan daga ciki ka rubuta sabuwa, don akwai jimlolin da ba sa tsallakowa lafiya. Wadda ta fi haɗari ita ce "untimely death". Aka mayar da ita "mutuwar da ba lokacinta ba", Musulmi zai ji kamar ana jayayya da ajali. In ana nufin ba a yi tsammani ba, "rasuwar fuju'a" ake cewa. "Regret to announce" takan fito "muna nadamar sanarwa", kamar kamfani ya aikata laifi. "Rest in peace" ta zama "ya huta lafiya", abin da ake ce wa mai shirin kwanciya. Manhajojin fassara na waya suna iya yin irin wannan kuskure, suna kuma rikita "ya" da "ta" a tsakiyar wasiƙa.

7. Gwada su layi da layi

Ajiye takardar bayanai a tsakiya, wasiƙun a gefe da gefe. Mai dubawa ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗayan yana sa alama a kan kowane suna, rana, lokaci, wuri da adadi. Sannan a ƙirga alƙawura. Idan ta Hausa ta ce ba za a cire albashi ba, ta Turanci ta yi shiru, shugaban sashen da Turanci kawai yake karantawa zai rubuta wa mutane fashin aiki, kuma rigima ta tashi ranar biyan albashi.

Idan tsohuwar wasiƙa aka gyara, bi kowace kalma mai nuna jinsi: marigayi da marigayiya, jiƙansa da jiƙanta, masa da mata, makomarsa da makomarta. Addu'ar ƙarshe ce aka fi barin ta yadda take, domin ido ya saba da ita yana tsallakewa. Yi amfani da Ctrl+F ka nemi sunan mamacin baya, sau da yawa yana nan ya maƙale a kanun wasiƙa ko a sunan fayil.

8. Haruffa masu lanƙwasa da tsarin shafi

A wannan wasiƙar ƙ ba ado ba ce: "Allah ya jikansa" ba tare da ita ba ya koma maganar jika. A waya, ƙara Hausa a madannin Gboard. A Microsoft Word, rubuta lambar harafin ka danna Alt+X:

```
ƙ U+0199   Ƙ U+0198
ɗ U+0257   Ɗ U+018A
ɓ U+0253   Ɓ U+0181
```

Rubuta lambar tare da U+ ɗinta, domin idan harafin da ya zo kafin lambar a, b, c, d, e ko f ne, Word zai haɗa shi da lambar ya fito da wani abu dabam. Wasu salon rubutu ba su da waɗannan haruffa, sai ka ga ɗan akwati ko harafi ɗaya ya fi sauran girma. Noto Sans da Charis SIL suna da su duka. Buga gwaji ɗaya a firinta kafin sa hannu, sannan ka adana a PDF, don fayil ɗin Word yana sauya kama a wayar wani. Idan duk wannan ya gagara, buga da k da d da b, ka bi da baƙin biro ka lanƙwasa su a kan takarda ta asali kafin a yi hoto.

Buɗewar Larabci a rubuta ta da boko. Larabcin da aka kwafo daga intanet yakan juye ko haruffansa su rarrabu a wata kwamfutar, kuma wanda bai iya karantawa ba ba zai lura ba.

Kowace wasiƙa ta samu shafinta, da tambari ɗaya, lamba ɗaya, kwanan wata ɗaya, sa hannu ɗaya. Kada Turanci ya cika shafi a matse Hausa a ƙasa da ƙananan haruffa, ma'aikata suna karanta wannan ma. A allon sanarwa a liƙa su kafaɗa da kafaɗa. A PDF a fara da harshen da mafi yawan ma'aikata ke karantawa. Hoton mamaci sai da izinin iyali, musamman idan mace ce. Hoton gawa ko na wurin haɗari ba ya shiga ko kaɗan.

9. Sa hannu da rabawa

Mafi girman shugaba da ke nan shi zai sa hannu, ko da mamacin mai shara ne. Idan manajan darakta ya sa wa wasiƙar babban akanta hannu, ta mai gadi kuma aka bar wa ƙaramin jami'i, an lura. A tsayar da ƙa'ida ɗaya ga kowa. In ba ya gari, a karanta masa ta waya ya amince, mataimakinsa ya sa a madadinsa.

'Yan sashen mamacin su fara ji, baki da baki, daga shugabansu. Bayan haka wasiƙun biyu su fita lokaci ɗaya ta imel da zauren ma'aikata da allon sanarwa. Ga waɗanda ba sa karanta boko, a karanta ta Hausa da ƙarfi a taron safe da lokacin canjin masu aiki, ko wani mai natsuwar murya ya naɗa ta a saƙon murya. Direbobin da ke hanya da ma'aikatan rassa a sa su cikin jerin. Reshen da ke Maraɗi ko Damagaram zai buƙaci Faransanci a madadin Turanci, ta Hausar kuma ta tafi yadda take.

10. Gudummawa, gyara da cire takarda

Idan ma'aikata za su haɗa gudummawa, ta zama ta ganin dama. Kada a cire daga albashi ba tare da rubutacciyar yardar mutum ba, Dokar Ƙwadago ta taƙaita abin da ake iya cirewa. A naɗa mutum biyu su karɓa, a sa ranar rufewa, mako guda ya isa, a miƙa wa iyali a gaban shaida. A sanar da cewa an miƙa, ba tare da jera wa ya ba da nawa ba. Inda mata biyu ne, a tambayi babban gidan yadda za a miƙa, kada a danƙa wa ɗaki ɗaya. Matan suna takaba wata huɗu da kwana goma, don haka duk takardar da ke buƙatar hannunsu, wakiliyar kamfani mace ta kai musu gida.

Idan kuskure ya fita, a suna ko a lokaci, kada a sauya takarda a ɓoye. Fitar da gyara na layi biyu da harsunan biyu, a faɗi abin da aka gyara, a kira iyali a ba su haƙuri idan sunan ne.

Bayan mako guda a cire takardun daga allo. Suna ɗauke da sunan Allah da aya, don haka wanda ya liƙa su shi zai cire da hannunsa, kada a bar iska ta yar da su ko mai shara ya haɗa da bola. Kwafi ɗaya na kowace ya shiga fayil ɗin marigayin tare da takardar bayanai, sauran a ƙona. A ranar kuma a cire lambarsa daga zauren ma'aikata da jerin masu karɓar saƙon kamfani, domin wayar yanzu tana hannun iyalinsa, kuma saƙon tunatar da shi zuwa aiki ko na taya shi murnar zagayowar ranar haihuwa zai ci gaba da shiga idan ba a kashe ba.